Idan an naɗa ka sakatare a ƙungiyar da ake haɗa Hausa da Turanci

Sabon zuwa Ingila da ya shiga ƙungiyar 'yan gida ba ya daɗewa kafin a miƙa masa biro. Ɗalibi ne, yana da kwamfuta, Hausarsa ba ta yi tsatsa ba, Turancin ma yana ji, sai dattawa su ce ai ga sakatare Allah ya kawo. Aikin ba shi da nauyi a ido: ka zauna, ka saurara, ka rubuta rahoton taro, wanda aka fi sani da minit. Wahalar tana cikin yadda muke magana. Shugaba zai buɗe da addu'a da gaisuwa da Hausa, ma'aji ya karanto lissafi da Turanci, gardama ta kaure a koma Hausa, matasan da aka haifa a nan su tsoma baki da Turanci, a ƙarshe wani ya ce “to shi ke nan” a wuce. Kai kuma ana jiran ka fito da takarda guda wadda kowa zai ce haka aka yi.

Fara da sanin masu karanta takardar, don ba 'yan kwamiti kaɗai ba ne. Ranar da za a canza masu sa hannu a asusun ƙungiya, banki kan nemi rahoton zaman da aka yanke shawarar, da sa hannun shugaba. Masu ba da tallafi ma kan nema. A Ingila da Wales kuma, ƙungiyar taimakon jama'a da kuɗin shigarta ya haura fam 5,000 a shekara dole ta yi rajista da hukumar Charity Commission, wadda ke da ikon tambayar yadda aka yanke shawara kan kuɗi. Duk waɗannan Turanci suke karantawa. A ɗaya gefen ga Hajiya da Alhaji da suka fi kowa zuba gudummawa, su kuma abin da suka faɗa da Hausa suke son su ji an rubuta.

Abin da sababbin sakatarori suka fi yi shi ne su rubuta rahoto biyu, na Hausa don gida, na Turanci don waje. Ban ba ka shawarar haka ba. Takardu biyu ba sa zama daidai na tsawon lokaci: za a gyara adadi a ɗaya a manta da ɗayar, ranar da rigima ta tashi kowa ya ɗauko wadda ta yi masa daɗi. Takarda ɗaya za ka yi. Kowane batu na ajanda ya samu lambarsa, a ƙarƙashinsa taƙaitaccen bayanin abin da aka tattauna cikin harshe ɗaya, sannan shawarar da aka yanke da harsuna biyu, layin Turanci a sama, na Hausa a ƙasansa kai tsaye, sai sunan wanda zai aikata da ranar da zai gama. Shawarar kaɗai ake ninkawa. Tun a zaman farko ka roƙi kwamiti ya tsayar da layin da za a bi idan an samu saɓani tsakanin biyun, a rubuta wannan ma a matsayin shawara. A nan ƙasar na Turanci ya fi dacewa, tunda shi banki da hukuma za su riƙe.

Lokacin da ake magana kada ka fassara. Rubuta kowace magana cikin harshen da ta fito, ko da takardarka za ta zama dambu. Mai fassara a ka yana rubutu yakan rasa jimlar da ta biyo baya, kuma a jimlar da ta biyo bayan ne ake saka sharaɗi: “amma fa sai in sun yarda su rage.” Ka sa alama a gefen takarda duk inda aka sauya harshe ana tsakiyar maganar kuɗi ko rana, domin a nan ne mutum biyu suke tashi da fahimta biyu alhali kowannensu ya gyaɗa kai.

Mu ɗauki misali. Kwamitin mutum bakwai ne, shida sun zo, tsarin mulkin ƙungiya ya ce huɗu sun isa a yanke shawara. Batu na 4 shi ne walimar Sallah. Ma'aji ya bayyana da Turanci cewa hayar ɗakin taro fam 600 ce, kuma masu ɗakin suna karɓar wasu fam 200 na ajiya da za su mayar idan ba a ɓata komai ba. Shugabar mata ta ce da Hausa abinci zai ci kamar ɗari uku da hamsin. Wani dattijo ya gyara zama ya ce, “Ni dai kada a wuce ɗari takwas gaba ɗaya.” Aka yi shiru. Shugaba ya ce, “To madalla, mu je na gaba.”

Me za ka rubuta? Ma'aji ya ji ɗari takwas ya haɗa 600 da 200, a ransa an amince da ɗaki, abinci kuma daban. Dattijo bai kama zancen kuɗin ajiya ba, don da Turanci aka yi shi da sauri, shi a lissafinsa ɗaki 600, abinci 200. Shugabar mata tana ganin ba wanda ya musa mata ɗari uku da hamsin ɗinta. Idan ka tafi gida da wannan, duk abin da ka rubuta ra'ayinka ne, kuma mutum biyu cikin ukun za su ce ka yi musu ƙari.

Maganinsa a ɗakin yake, kafin a taɓa batu na gaba. Ka ɗaga hannu: “Ranka ya daɗe, a ba ni minti ɗaya in karanta abin da na rubuta.” Sai ka karanta da Turanci, ka maimaita da Hausa, adadi ɗaya bayan ɗaya. Sabon zuwa yakan ji nauyin katse manya, na sani, shi ya sa ya kamata ka shirya da shugaba tun kafin zama, ya zama shi ne zai riƙa cewa “Malam sakatare, karanta mana.” A misalinmu, da aka karanta sai dattijo ya ce, “Wane ɗari biyu kuma?” Aka yi masa bayani, aka sake tattaunawa, aka ɗaga hannu. Layin Hausa na shawarar ya fito kamar haka:

“4. An amince a biya £600 hayar ɗaki da £200 kuɗin ajiya da za a dawo wa ƙungiya da su, kuma a kashe abin da bai wuce £350 ba a kan abinci. Jimillar abin da zai fita daga asusu £1,150. Mutum biyar sun yarda, ɗaya bai yarda ba. Ma'aji zai biya kuɗin ajiya kafin 14 ga Maris, ya kawo rasit a zama na gaba.”

Lura cewa adadin duk da lambobi yake da alamar kuɗi, iri ɗaya a layukan biyu. Idan ana maganar aika taimako gida wannan ya ƙara zama dole, domin “dubu ɗari” a bakin wanda ya taho daga Kano naira ce, ɗan Maraɗi ko Damagaram kuma da sefa yake lissafi, a wurinsa jika ɗaya sefa dubu ce. Haka lokaci. “Bayan Sallah” ba rana ba ce, balle a nan da masallatan gari ɗaya kan yi Idi a ranaku daban. “Bayan La'asar” a arewacin Ingila yana iya zama kafin ƙarfe biyu na rana a Disamba, ya koma bayan biyar na yamma a Yuni. Tambayi ranar da ƙarfen, ka rubuta watan da sunansa.

Lura kuma da an rubuta cewa mutum ɗaya bai yarda ba. A wurinmu babba ba ya cika cewa a'a a gaban jama'a. Zai ce “to, Allah ya zaɓa mana mafi alheri”, ko “a dai ƙara dubawa”, ko ya yi shiru yana jan carbi. Wanda ya tashi a nan zai ɗauka an amince, kai da ka fito daga gida ka san ba haka ba ne. Amma sanin naka ba hujja ba ce da za ka rubuta cewa Alhaji ya ƙi. Ka nemi shugaba ya tambaya a fili, a ƙirga hannu. Idan ba a ƙirga ba kuma ba a tsayar da magana ba, rubuta gaskiya: an tattauna, ba a yanke shawara ba, an ɗage zuwa zama na gaba. Karin magana da barkwanci da “wane ya ce wa wane” ba su da gurbi a bayanin tattaunawa. Jimla biyu ko uku sun isa: dalilan masu goyon baya, dalilan masu ja. Sai dai idan ɗan kwamiti yana da alaƙa da wanda za a biya, a ce matarsa ce za ta dafa abincin, dole a rubuta cewa ya bayyana hakan kuma bai shiga ƙuri'ar ba. Irin wannan zancen da Hausa ake yin sa cikin raha, shi ya sa yake yawan ɓacewa daga rahoto, alhali yana cikin abubuwan da mai binciken kuɗi ke fara nema.

Akwai wani wurin da ake komawa Hausa da gangan, a sassauta murya: wane takardunsa sun samu matsala, wance mijinta ya fita ya bar ta da yara, a taimaka. Sauya harshen nan sutura ce, kada alƙalaminka ya yaye ta. Rahoto yana yawo a wayoyi, kuma dokar kare bayanan mutane a Birtaniya ta ba mutum damar neman ganin abin da ƙungiya ta rubuta a kansa. Rubuta cewa an amince da tallafin £150 ga mai buƙata na 3 na wannan shekara, sunan ya zauna a wurin ma'aji da shugaba.

Ka tsabtace rahoton cikin kwana biyu ko uku, tun maganganun suna kunnenka, ka tura wa shugaba ya duba, sannan sauran 'yan kwamiti. Sa allon rubutun Hausa a wayarka da kwamfutarka don ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai. Waɗanda karatun boko ke yi wa nauyi ka karanta musu layukan Hausa a saƙon murya, yadda suke a takarda ba ƙari ba sharhi, in ba haka ba saƙon ya zama rahoto na biyun da muke gudu.

A zama na gaba, bayan addu'a, rahoton ne abu na farko. Wanda ke da gyara ya faɗa, kwamiti ya yarda, a gyara layin Turanci da na Hausa a lokaci ɗaya a gaban kowa, shugaba ya sa hannu da kwanan wata. Daga nan ba a sake taɓa shi. In daga baya aka canza ra'ayi kan fam 350 na abinci, sabuwar shawara ce da sabuwar lamba a rahoton ranar da aka canza. Rahoton da aka sa wa hannu ka adana shi a fayil ɗin ƙungiya da akwatin imel ɗinta, ba a wayarka ba, tunda bizar karatu tana ƙarewa, alhali ƙungiyar da ta yi rajista a matsayin kamfani doka ta ce ta riƙe rahotannin zaman shugabanninta shekara 10.