Ka ba cron aikin sabunta satifiket

Ɗan'uwa, in kana kula da saba, daina dogara da ƙwaƙwalwarka. Ka ba cron aikin. Rubuta sudo crontab -e, ka saka wannan:

```
17 3 * * * /usr/bin/certbot renew --quiet --deploy-hook "systemctl reload nginx"
```

Kullum ƙarfe 3:17 na dare zai duba. Satifiket ɗin Let's Encrypt kwana 90 yake yi, certbot kuma ba ya taɓa shi sai ya kusa ƙarewa, saura kamar kwana 30. Kenan ko yau ya ƙi, gobe zai sake gwadawa.

Kar ka cire rabin layin na ƙarshe. In ba a sake loda nginx ba, sabon satifiket yana ajiye, amma tsohon zai ci gaba da nuna wa mutane.

Inda yake gazawa: cron ba ya rama abin da ya wuce. Ni saba ta tana shagona a Nima, cron na ba aikin kwafin bayanai, dumsor ya ɗauke wuta cikin dare, kwana huɗu ba a kwafi bayanan kwastomomi ba, ni kuwa ban sani ba. In taka ma tana mutuwa haka, ka koma taima na systemd, ka sa Persistent=true. Wuta na dawowa zai rama.

Kwafin ma, duk wata ka buɗe ɗaya ka gani ko yana dawowa.