Rahoton ɓatan yaro a wurin taro: inda masu shirya taro suka fi yin kuskure

Idan yaro ya ɓata cikin cinkoso kuma aka gan shi, kowa sai ya saki ajiyar zuciya, a koma hidimar taro. Rahoto sai washegari, ko bayan kwana biyu, lokacin da gajiya ta sauka kuma rabin abin da ya faru ya riga ya zube daga ƙwaƙwalwa. Abin da yakan fito a takarda shi ne irin wannan: “Wata yarinya ta ɓata da yamma. Nan take ma'aikatanmu suka bazama nema, aka same ta cikin minti 14, aka miƙa ta ga mahaifiyarta lafiya.”

Babu ƙarya a ciki, amma wanda bai halarci wurin ba ba zai iya yin komai da shi ba. Ni kuwa abin da ke damuna shi ne, yaron da zai ɓata a taro na gaba ba zai amfana da komai daga irin wannan takarda ba. Bari in ƙaga misali ɗaya mu bi shi daki-daki: yarinya 'yar shekara 5, a fili mai ƙofofi uku, da dandamali, da rumfar taimakon farko, da teburin cigiya.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne dunƙule lokuta da dama a mayar da su ɗaya. Wancan minti 14 daga ina ya fito? Mai rubutun ya ƙirga daga 15:48, lokacin da ma'aikata suka fara nema, zuwa 16:02, lokacin da aka tabbatar an gan ta. Amma uwar ta ce ganinta na ƙarshe da 'yarta wajen 15:20 ne, suna cikin layin shiga wajen dandamali. Ba ta lura babu ita ba sai wajen 15:28. Daga nan ta yi abin da kusan kowace uwa za ta yi: ta shiga dube-dube da kanta, tana kiran suna, tana leƙa tsakanin ƙafafun mutane, sai 15:41 ta tare wani ma'aikaci. Shi kuma ya tsaya tambayarta kamannin yarinyar, ya kira teburin cigiya ta oba-oba da 15:44. An sanar da masu tsaron ƙofofi da 15:46.

To ka ga, yarinyar ta yi kusan minti 42 a ɓace kafin a tabbatar an gan ta, ba 14 ba. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne daga 15:20 zuwa 15:46, minti 26 ke nan, ƙofofi uku suna buɗe kuma babu mai gadi ko ɗaya da ya san ana neman wata yarinya. Da wani ya riƙe hannunta ya fita da ita, a cikin wannan tazarar zai fita. Rahoton da ya fara ƙirga daga lokacin da ma'aikata suka tashi tsaye ya auna ƙoƙarin ma'aikata ne kawai, ya bar haɗarin da yarinyar ta shiga.

Gyaran shi ne kowane mataki ya samu layinsa da lokacinsa: ganin ƙarshe, lokacin da aka lura babu ita, lokacin da aka gaya wa ma'aikaci na farko, isar labari teburin cigiya, sanar da ƙofofi, fara nema, ganinta, miƙa ta. A kuma bambance lokacin da aka duba agogo aka rubuta da wanda aka kintata. Uwar da hankalinta ya tashi ba agogo take kallo ba, don haka a rubuta “wajen 15:20, bisa ƙiyasin mahaifiyar”. Idan akwai abin da zai ƙarfafa ƙiyasin, a nemo shi. Sau da yawa akan samu hoton da ta ɗauki yarinyar a waya kafin ɓatan, ko kiran da ta yi wa wani ɗan'uwa tana tambaya ko tana wurinsa, kuma duka biyun suna ɗauke da lokaci. Wannan hoton ma shi ne mafi ingancin bayanin kayan da ke jikin yarinyar a ranar.

Akwai kuma matsalar agogo da mutane ba su cika kawo ta a rai ba. Mai teburin cigiya yana duba wayarsa, mai gadi yana duba agogon hannunsa, kyamarar tsaro tana da nata agogon da watakila ba a taɓa saita shi ba tun ranar da aka kafa ta. A misalinmu, a ce kyamara tana gaba da minti 4. Hotonta zai nuna abu ya faru da 15:54 alhali 15:50 ne a waya. Alamar da ake gane wannan ita ce a ga jerin abubuwan ya ƙi zama, kamar a ce an amsa kira kafin a yi shi. Kada a gyara lambobin a ɓoye don su dace da juna. A zaɓi agogo ɗaya da rahoton zai tsaya a kansa, a faɗi wanne ne, a rubuta tazarar da ke tsakaninsa da sauran. Tsarin awa 24 ya fi, don kada “ƙarfe huɗu” ya bar mai karatu yana tambaya. In an yi kuskure a littafin da ake rubuta lokuta, a ja layi ɗaya a kan kalmar yadda za a iya karanta ta, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu. Gogewa ko sake kwafe shafin yana sa a yi shakkar littafin gaba ɗaya.

Daga nan sai kalmomin nan da ke rufe komai: “an duba ko'ina”, “aka same ta”. Wa ya duba, ina ya duba, daga yaushe zuwa yaushe? Idan an raba ma'aikata shida gida uku, a rubuta cewa biyu sun bi gaban dandamali, biyu sun tafi banɗakuna da wurin shan ruwa, biyu sun zaga wurin ajiye motoci, da lokacin da kowane rukuni ya kira ya ce bai gan ta ba. Wurin da ba a duba ba ma a rubuta shi. Kuma “aka same ta” a misalinmu ya ɓoye abu mafi muhimmanci a duk labarin. Masu nema ba su ne suka gan ta ba. Wata mata ce daga cikin mahalarta ta tsince ta tana kuka a bayan dandamali, ta kai ta rumfar taimakon farko da 15:50. Ma'aikatan rumfar suna kan wata tashar oba-oba dabam, ba su ji cigiyar ba. Suka zaunar da ita a kan kujera, suka ba ta ruwa, suna jiran wani ya zo nema. Sai 16:02 wani daga cikin masu nema ya leƙa rumfar ya gan ta sanye da jar riga da takalmi ƙafa ɗaya.

Minti 12 ke nan yarinyar tana hannun ma'aikatan taron, uwarta tana kuka a ɗaya gefen filin, mutum shida suna zagaye. Na san abin da ke sa mai shirya taro ya so tsallake wannan, domin babu mai son rubuta gazawar tsarinsa da hannunsa. Amma a nan ne kaɗai rahoton ya gano abin da za a iya gyarawa gobe: duk inda aka kai yaron da aka tsinta, a sanar da teburin cigiya nan take, kuma rumfar taimakon farko ta riƙa jin tashar da ake cigiya a kai. Haka batun 'yan sanda. Idan tsarin taron ya tanadi lokacin da za a kira su, rahoto ya faɗi ko an kai wannan lokacin, wa ya yanke shawarar kira ko rashin kira, da dalilinsa. Idan an yi sanarwa ta lasifika, a kawo kalmomin da aka furta. Masu kula da lafiyar yara a taruka suna hana ambaton sunan yaron da ya ɓata a lasifika, domin yaro ƙarami yakan yarda da duk wanda ya kira shi da sunansa.

Miƙa yarinyar ga uwarta shi ne ɓangaren da ake wucewa da jimla ɗaya, alhali a nan ne kuskure ba ya gyaruwa. Ganin yarinya da miƙa ta abubuwa biyu ne. Uwar ta iso rumfar da 16:09, an miƙa mata ita da 16:16, kuma ya kamata rahoto ya nuna abin da aka yi cikin minti 7 ɗin nan. Ma'aikacin da ta fara tarewa ya tabbatar ita ce wadda ta kawo cigiyar. An duba katin shaidarta, ta nuna hotunan yarinyar a wayarta, yarinyar da kanta ta ruga ta rungume ta, sannan ta sa hannu a gaban ma'aikata biyu. Yadda yaro ya karɓi wanda ya zo ɗaukarsa hujja ce da ake rubutawa. In ya noƙe, ko wanda ya zo ba shi ne ya kawo cigiyar ba, a dakata a sanar da shugaban tsaro, ko da ran mutumin zai ɓaci. A rubuta kuma su waye suka zauna da yarinyar tun daga 15:50. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce manya biyu, kada a bar yaro da mutum ɗaya a keɓe, kuma wannan kariya ce ga yaron da ma'aikacin baki ɗaya.

“Lafiya” ma ba bayani ba ne. A faɗi abin da ido ya gani: tana kuka, babu rauni a jikinta da aka gani, takalmi ɗaya ya ɓata, ta sha ruwa. Idan ta faɗi inda ta je ko wanda ta gani, a rubuta da kalmominta, kada a yi mata tambayar da ke sa mata amsa a baki. Tsakanin 15:20 da 15:50 babu wanda ya san takamaiman inda take, to a rubuta hakan yadda yake. Shi ya sa yake da kyau a karɓi bayani da lambar wayar matar da ta tsince ta kafin ta koma cikin jama'a. Lokacin da aka sanar da masu nema da masu gadi cewa a dakatar da nema shi ma yana da layinsa, don yakan faru a manta da mai gadin ƙofa ta uku yana ta tare iyaye masu 'ya'ya da jar riga.

Jimla irin “sakacin mahaifiyar ne ya jawo” ba ta da gurbi a rahoto. Mai rubutu ba alƙali ba ne, kuma a cinkoso daƙiƙa kaɗan sun isa hannu ya suɓuce. A rubuta “mahaifiyar ta ce turereniya ce ta raba su a layi”, a bar shi a nan. Cikakken sunan yarinyar, adireshi, lambar waya da hoto su zauna a fom ɗin da ke kulle wurin wanda aka ɗora wa alhakin kula da yara. Rahoton da zai je hannun kwamiti ko masu filin ya ce “yarinya 'yar shekara 5” tare da lambar fom ɗin. A rubuta shi a ranar, kafin ma'aikata su watse, a karanta wa mai teburin cigiya da ma'aikatan rumfa su tabbatar da lokutansu, sannan a sa hannu da kwanan wata.