Darasi na Tara: Yaushe Jadawali Ya Fi Dogon Bayani?

A wannan darasi za mu ɗauki aikin sakataren ƙungiyar manoman shinkafa a jihar Kebbi. Ƙungiya ta ba rassanta huɗu bashin taki da iri, a kan za su biya da shanshera bayan girbi. Alƙaluman na misali ne. Ga yadda sakatare ya fara rubutawa:

"Reshen Argungu ana bin sa buhu 40, ya biya buhu 32, saura buhu 8. Reshen Augie ana bin sa buhu 25, ya biya buhu 25, babu saura. Reshen Suru ana bin sa buhu 60, ya biya buhu 45, saura buhu 15. Reshen Bunza ana bin sa buhu 18, ya biya buhu 9, saura buhu 9."

Ku karanta da ƙarfi, ku ja layi a ƙarƙashin kalmomin da ke dawowa. Za ku ga "ana bin sa", "ya biya" da "saura" kowace ta zo sau huɗu. Abin da ke canzawa kawai sunan gari ne da lamba. To, wannan ita ce alamar da muke so ku riƙe: idan tambayoyi iri ɗaya ake yi wa abubuwa da yawa, a rubuta tambayoyin sau ɗaya a sama, a jera amsoshin a ƙasa.

Bashin shanshera (duk lissafi da buhu)

| Reshe | Ana bin sa | Ya biya | Saura |
|---|---|---|---|
| Argungu | 40 | 32 | 8 |
| Augie | 25 | 25 | 0 |
| Suru | 60 | 45 | 15 |
| Bunza | 18 | 9 | 9 |
| Jimla | 143 | 111 | 32 |

Kafin ku ɗauki rula, ku ƙirga. Tambayoyi uku da gidan suna ɗaya, gidaje huɗu ke nan a tsaye. Rassa huɗu da layin kai da layin jimla, layuka shida ke nan a kwance. A ja su da fensir tukuna, a bar wa gidan suna faɗin yatsu uku, na lamba yatsu biyu. Mai rubutu da ajami zai fara gidan suna daga hannun dama.

Yanzu idan shugaba ya ce wa ya fi kowa saura, yatsa ɗaya ya isa: a bi gidan ƙarshe daga sama zuwa ƙasa, a tsaya kan 15. Kuma jadawali yana tona kuskuren da dogon bayani ke ɓoyewa. A cire 111 daga 143, a samu 32. A haɗa 8 da 0 da 15 da 9, su ma 32. In biyun ba su zo daidai ba, akwai layin da aka yi kure, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne haɗa ma'auni biyu a gida ɗaya. Wani ya kawo buhu 9 da tiya 10, sakatare ya rubuta su kusa da juna, gobe mai karatu ya ga 910, ko ya haɗa su ya ce 19. Maganinsa a ja wa tiya nata gidan daban. Haka kuma kada a bar gida fayau. Dubi Augie: mun sa 0 don a san sun gama biya. Da mun bar wurin babu komai, wani zai ce mantuwa aka yi, wani kuma mai dogon hannu ya cika shi da abin da ya ga dama. Sannan lambobi su tsaya kan juna ta gefen dama, 9 a ƙarƙashin 5 na 45, ba a ƙarƙashin 4 ba, in ba haka ba wajen haɗawa tara ta koma casa'in.

Idan tambaya ɗaya ce tak, kamar kayan da za a sayo a kasuwar Jega, ba sai an ja gidaje ba. Jeri ya wadatar, abu ɗaya a kowane layi. A sa masa lamba 1, 2, 3 kawai idan dole ne wani ya riga wani, kamar matakan gyaran shinkafa: jiƙawa, turarawa, shanya, sannan kai wa inji.

Amma akwai abin da jadawali ba ya ɗauka, wato dalili. A cikinsa Bunza ta biya rabi kawai, mai gani zai iya zargin mutane da taurin bashi. Idan ambaliya ce ta cinye gonakinsu na fadama, gidan lamba ba zai faɗi haka ba. Duk maganar da ke da "saboda", "amma" ko "sai dai idan", a rubuta ta cikakkiya a ƙasan jadawali. Haka nan in reshe ɗaya kawai ake magana a kai, layi ɗaya na rubutu ya fi jan gidaje sauri.

Aiki: ku rubuta sunayen 'yan adashi biyar, ku tsara jadawalin zubinsu na mako huɗu. Ku faɗa wa malami gidaje nawa za ku ja a tsaye, layuka nawa a kwance, kafin ku fara ja.