Darasi na Shida: Mayar da Rubutu Zane Kafin a Kai Aiki Maɗaba'a

Ka zauna ka tsara katin gayyata mai faɗin santimita 15. A sama ka rubuta "Taron Ƙara wa Juna Sani" da wani siririn salon haruffa da ka sauke daga intanet, ya zauna cif a layi ɗaya. Ka tura fayil ɗin maɗaba'a. Da katin ya fito sai ka ga haruffan sun yi kauri, kalmar "Sani" ta faɗo layi na biyu ta hau kan kwanan wata, inda Ƙ take kuma wani ɗan akwati ne fanko. Mai bugu bai taɓa komai ba. To me ya faru?

Salon haruffa, wanda za ka ga an rubuta Font a manhaja, fayil ne mai zaman kansa. Sunansa yakan ƙare da .ttf ko .otf, kuma a Windows yana zaune ne a C:\Windows\Fonts. A cikinsa siffar kowane harafi take, da faɗinsa, da tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi. Fayil ɗin aikinka sau da yawa ba ya ɗauke da waɗannan siffofi. Abin da ya riƙe kawai shi ne kalmomin, da sunan salon, da girmansa. Kamar ka aiki yaro da takarda ne cewa a ba shi kaya kaza a rumbu, alhali rumbun yana gidanka. Idan kwamfutar mai bugu ta nemi sunan ta rasa, sai ta sa wani salon a madadinsa. Faɗin haruffan wancan daban ne, shi ya sa layi ya karye. Kuma salo da dama ba su da ƙ, ɗ da ɓ, shi ya sa akwatin nan ya bayyana.

Manhaja takan yi gargaɗi idan salo ya ɓace, amma mai bugu da aiki ya yi wa yawa zai iya dannawa ya wuce, tunda bai san yadda katin yake a wajenka ba.

Maganin shi ne ka mayar da rubutun zane. Da zarar ka yi haka, kowane harafi ya zama siffa irin da'ira ko murabba'i, ba ya neman komai a kowace kwamfuta.

Kafin komai, adana kwafi biyu da Save As. Ɗaya na gyara, ɗaya na bugu. Ina roƙonka kada ka tsallake wannan, domin rubutun da ya zama zane ba ya komawa rubutu bayan ka adana ka rufe. Idan daga baya aka ce an ɗaga taron daga 12 ga wata zuwa 19, kwafin gyara ne zai cece ka. Karanta rubutun sau biyu tukuna, ka tabbata babu kuskure.

A kwafin bugu, idan CorelDRAW kake amfani da shi, shiga Edit, sai Select All, sai Text, sannan ka danna Ctrl+Q, wato Convert to Curves. A Illustrator, fara da Unlock All da Show All a ƙarƙashin Object, domin Ctrl+A ba ya kama abin da aka kulle ko aka ɓoye. Sannan Ctrl+A, sai Shift+Ctrl+O, wato Create Outlines.

Yanzu duba. Ɗauki alƙalamin rubutu ka danna kan "Taron". Idan ya ƙi shiga tsakanin haruffa, kuma ka ga ƙananan ɗigogi zagaye da gefen kowane harafi idan ka zaɓe shi, aiki ya yi. Amma ido kaɗai bai isa ba. A CorelDRAW buɗe Document Properties a ƙarƙashin File ka duba ɓangaren rubutu: kada sunan salo ko ɗaya ya rage. Idan ya rage, nemi rubutun a cikin PowerClip, wato abin da aka cusa a cikin wata siffa, ko a wani shafin, nan ya fi laɓewa.

Wannan dabara ta kati ce, da fosta, da tambari, da allon talla. Littafi mai shafi ɗari ba a yi masa haka, fayil zai yi nauyi, kuma ƙananan haruffa sukan ɗan yi kauri a wasu injinan. Shi PDF ake yi masa a cusa salon a ciki, sai a buɗe a Acrobat, a danna Ctrl+D, a shiga Fonts, a ga Embedded a gaban kowane suna.

Aikin gwaji: rubuta "ƙofa, ɗaki, ɓera" da salon da abokinka ba shi da shi. Adana kwafi biyu, ka mayar da ɗaya zane, ka buɗe duka biyun a kwamfutarsa, ka rubuta bambancin da ka gani.