Yadda ake gyara rubutun tallar rediyo ya zauna a baki, ya zauna a kunne

Mai sauraron rediyo ba ya iya komawa baya ya sake jin abin da ya wuce shi, sau da yawa ma yana cikin Keke Napep ne ko tsakiyar hayaniyar Farin Gada. Saboda haka da baki da agogo ake gyaran rubutun talla. A ce tallar daƙiƙa 30 ce ta wani shagon barguna a Jos, mu kira shi Gidan Bargo.

Fara da lissafin lokaci. Kiɗan buɗewa da na rufewa za su ci kamar daƙiƙa 5, saura 25 na magana, wato kalmomi 60 zuwa 65 idan ana karatu a natse. Kunna agogon waya, ka karanta da ƙarfi yadda za a yi a situdiyo. Idan ya zarce, rage kalmomi. Kada ka ce mai murya ya ƙara sauri, domin sauri yana cinye dogayen wasula, kuma da su da karin sauti ne kunne yake rarrabe kalmomin Hausa.

Ga irin jimlar da masu shago suke kawowa:

"Muna farin cikin sanar da ɗaukacin al'ummar jihar Filato da kewaye cewa mun kawo sababbin barguna masu inganci da rahusa waɗanda za su dace da buƙatunku a wannan lokaci na hunturu."

Kalmomi 31 ke nan ba wurin shan iska, kusan rabin tallar ya tafi, kuma sai a kalma ta 16 aka ambaci kayan da ake sayarwa. Karanta ta, ka ja layi duk inda numfashinka ya tsaya da kansa. Wuraren nan su ne iyakar jimlolinka. Sai ka sake rubuta ta, kowane numfashi a layinsa:

"Jama'ar Jos, hunturu ya kama.
Sababbin barguna sun iso Gidan Bargo.
Masu kauri, masu laushi, masu araha.
Muna Taminus, kan titin Ahmadu Bello."

Babu layin da ya wuce kalmomi 6. "Inganci" ta fita saboda kowane mai talla yana faɗinta, kauri da laushi kuwa hannu yana iya taɓa su. Maimaita "masu" sau uku shi ya ba layin taku. An kuma sa "araha" a madadin "rahusa", domin a Jos dubban masu sauraro Hausar kasuwa suke ji, ba da ita suka tashi a gida ba.

Lambar waya tana da tsada. Alkaluma 11 ne, karanta su a fili zai ci daƙiƙa 6 ko fiye, kuma wanda yake tuƙi ba zai rubuta ba. Shagon da ake zuwa da ƙafa, kwatance ya ishe shi. Idan mai shago ya nace, a rubuta lambar da kalmomi, a raba ta kashi uku: huɗu, uku, huɗu.

Layin rufewa shi ya fi cancantar a ɓata masa lokaci. Ana son ya zama ɓangare biyu masu tsawo ɗaya, ƙarshensu ya yi amsa-amo, sunan shago kuma ya zo a can ƙarshe:

"Kafin sanyi ya kai ɓargo,
ku garzayo Gidan Bargo."

Ƙirga gaɓoɓin da yatsu: takwas a sama, takwas a ƙasa. Daidaiton nan ne yake sa yaro ya riƙa rera shi a hanyar makaranta. Da an ce "ku zo Gidan Bargo", gaɓa shida ke nan, sai ka ji layin yana ɗingishi. A nan dole a kula da lanƙwasar harafi wajen buga rubutun. Idan ɓ ta koma b, mai murya zai karanta "bargo" sau biyu, ma'anar ta rushe. Ka ja masa layi a ƙarƙashin kalmar, ka kuma sa alamar ɗan dakatawa tsakanin ɓangarorin biyu.

Kada a ƙara komai bayan sunan, ko da "sai kun zo" ne, domin abin da kunne ya ji a ƙarshe shi yake riƙewa. Ka roƙi mai haɗa sauti ya bar kiɗa a ƙasa har sai an gama furta "Bargo", sannan ya ɗaga shi.

Kafin a kai gidan rediyo, ɗauki muryar a waya, ka kunna wa wanda bai taɓa ganin rubutun ba, sau ɗaya tak, a wuri mai hayaniya. Bayan minti 10 ka tambaye shi sunan shagon da inda yake. Idan ya rero layin amma ya manta wurin, matso da "Taminus" kusa da layin rufewa, ka sake gwadawa da wani mutum dabam.