Darasi na Bakwai: Bin Sawun Dalili

A darasin nan za mu shiga shagon wani tela ne a Fagge, ana saura kwana huɗu sallah, ɗinki ya taru har kan benci, ba wuta, janareta kuma ya ɗauko wani sabon hali. In an ja shi ya tashi lafiya lau, bayan kamar minti goma sai ya fara shaƙewa yana sama yana ƙasa, daga nan ya mutu. In an bar shi ya huta a sake ja, ya tashi, ya kuma maimaita.

Kafin bakanike ya iso mutum biyu sun riga sun yi magana. Yaron shago ya ce, maigida ai duk injin fetur in ba mai ba ya aiki. Wannan doka ce, kuma in ka haɗa ta da cewa tankin nan ba mai a ciki, to dole injin ba zai yi aiki ba, ba makawa. Irin wannan tunanin shi ne ƙiyasi a wajen malaman manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da hujja: in maganganun farko gaskiya ne, sakamakon ba ya iya zama ƙarya. Amma fa a lura, ba a juya shi. Don inji ya mutu ba ka da ikon cewa lallai mai ne ya ƙare, abubuwan da ke kashe inji suna da yawa. An leƙa tanki kuwa, ya fi rabi.

Shi kuma tela cewa ya yi, sau shida ke nan yau yana mutuwa a minti goma, na bakwai ma haka zai yi. Wannan istiƙra'i ne, wato ka ga abu ya maimaitu sai ka ce zai sake. Yana da amfani, sai dai ya tsaya ne a kan me zai faru, bai ce komai ba game da me ya sa.

Bakanike da ya zo bai taɓa sifana ba tukuna, tsugunawa ya yi yana jero abin da zai iya kawo haka. Fulogi? In fulogi ya mutu ai tashin ma wahala zai yi, wannan kuwa ja ɗaya yake tashi. Ƙarancin baƙin mai? Wannan janareta yana da na'urar da ke kashe shi in baƙin mai ya yi ƙasa, amma ya zaro sandar awo ya ga cike yake. Sai ya ce a tayar, ya zauna yana saurare har ya mutu, nan take ya murɗe murfin tanki, sai aka ji fiss, iska ta zuƙu ciki.

Ya ce, Malam, ƴar ƙofar iskar murfin nan ce ta toshe, ga ƙurar hunturu ga burbushin yadi. Fetur yana sauka zuwa kafireto, iska ba ta shiga ta cike gurbinsa, to a hankali sai man ya daina sauka, kamar yadda in ka toshe bakin tsinken shan lemo da yatsa lemon ba ya zuba. In injin ya huta iska ta ɗan sulala ciki sai ya sake tashi.

Wannan shi ne tunani na uku, kuma shi nake so ku riƙe da kyau don shi muka fi yi kullum ba mu san sunansa ba. Ka fara daga alama ka koma baya neman sanadi, ka jera bayanai, ka zaɓi wanda ya fi ɗauke alamun gaba ɗaya ba tare da ƙaƙale ba. Bayanin murfi shi kaɗai ya haɗa tashi da ja ɗaya, da minti goman, da shaƙewar, da ƙarar iskar. Kuma ya kawo abin da ba wanda ya gani da ido, wato toshewar, alhali istiƙra'i abin da aka riga aka gani kawai yake miƙawa gaba. Masanin falsafa ɗan Amurka Charles Sanders Peirce ya yi rubutu sosai a kan wannan hanya, sannan a 1965 Gilbert Harman ya ba ta sunan da ke nufin zaɓen bayanin da ya fi.

To amma ba ta da tabbacin ƙiyasi ko kaɗan, kuma a nan mutane ke faɗawa rami. Wanda ya fi a cikin bayanan da suka zo maka a rai ne kawai ka zaɓa, wataƙila na gaskiyar bai ma shiga jerinka ba. Matatar fetur ta cikin inji da ta cushe da datti ita ma tana iya sa inji ya yi ɗan aiki ya shaƙe. Shi ya sa bakanike bai karɓi kuɗi ba sai da ya gwada: ya sassauta murfin kaɗan, ya ce in zancena daidai ne zai wuce minti goma, in ya mutu duk da haka to mu koma kan matata da tiyo. Aka tayar, rabin awa ta wuce keke na ta ɗinki.

Aikin gida: da safe kun tarar tankin ruwan gidanku ya ragu sosai, alhali ba wanda ya ɗiba da dare. Ku rubuta bayani uku, a gaban kowanne ku rubuta alamar da ya kamata a gani in shi ne gaskiya, da wurin da za a je a duba ta.