Kurakuran da sababbin masu auna zurfin teku suke ta maimaitawa

Na gaji da ganin sabon ma'aikaci ya kunna na'urar auna zurfi, ya ga lamba a allo, ya rubuta ta a littafi kamar an saukar da ita daga sama. Abin da na'urar nan take aunawa lokaci ne kawai. Tana harba sauti daga ƙarƙashin jirgi, sautin ya bugi ƙasan teku, amsa-kuwwarsa ta dawo, ita kuma ta ƙirga tsawon lokacin zuwa da dawowar. Zurfin da kake gani lissafi ne: gudun sauti sau lokaci, a raba biyu. Lokacin nata ne, amma gudun sautin kai ne ka ba ta. In ka ba ta ƙarya, ƙarya za ta mayar maka, ba tare da wata alamar gargaɗi ba.

Saboda haka kuskure na farko, wanda ya fi ƙona mini rai, shi ne barin gudun sauti a kan mita 1500 a daƙiƙa don haka aka sami na'urar. Wannan lamba matsakaiciya ce. A teku gudun yana kaiwa da komowa tsakanin wajen 1450 da 1550, kuma abu uku ne ke juya shi: ɗumin ruwa, gishirinsa, da nauyin ruwan da ke sama. Ɗumi ya fi tasiri, domin kowane digiri ɗaya yana ƙara mita 2 zuwa 4 a daƙiƙa. A ce amsa-kuwwa ta dawo bayan daƙiƙa 0.04. Da 1500, allo zai nuna mita 30. In ruwan ɗumi ne mai gishiri, gudunsa 1540, ainihin zurfin mita 30.8 ne. In kuma ruwan daɗi ne mai sanyi, gudunsa 1450, zurfin mita 29 ne kacal. Na biyun ne abin tsoro: ka rubuta wa matuƙin babban jirgi cewa yana da mita ɗaya na ruwa wanda babu shi.

Ni ma wannan ya taɓa kayar da ni, kuma ba don ban san ƙa'idar ba. Muna aiki a bakin wani kogi inda yake shiga teku, da sona, wato na'urar auna zurfi, mai harsuna da yawa, irin wadda take baza sauti kamar mafici, kowane zaren sauti shi ne harshe ɗaya, ta auna faffaɗan yanki dama da hagu a tafiya ɗaya. Da safe, teku a cike, na zura ma'aunin gudun sauti tun daga sama har ƙasa, na sami wajen 1540, na shigar, na ce shi ke nan na yau. Da azahar teku ta janye, ruwan kogi ya malalo ya kwanta a saman ruwan gishiri, gudun sauti a wannan shimfiɗa ta sama ya sauko kusa da 1505. Ban sake aunawa ba. Kwana uku ina haka.

Harshen da ke sauka kai tsaye ƙarƙashin jirgi bai yi kuskure mai yawa ba, 'yan santimita ne. Harsunan gefe ne suka lalace. Sautin da ya shiga ruwa a karkace yana lanƙwashewa duk inda gudu ya canja, kamar yadda sanda take zama tamkar ta karye in ka tsoma rabinta a ruwa. Na'urar ta bi hanyar da na faɗa mata, sautin ya bi wata daban. Da muka zauna haɗa bayanai, ƙasan da na san shimfiɗaɗɗe ne ya fito kamar kunyoyin gona, kowane layin da jirgi ya bi gefunansa a lanƙwashe, kuma inda layi biyu suka haɗu sai su saɓa da kusan rabin mita. Da na auna gudun da rana na ajiye, da an gyara komai a kwamfuta. Babu awon, babu gyara. Muka koma ruwa muka sake aikin daga farko.

Yanzu al'adata ita ce: a bakin kogi ina zura ma'aunin duk bayan awa biyu, da duk lokacin da teku ta juya, da duk lokacin da na ga launin ruwa ya canja. Wasu abokan aiki suna cewa na cika naci. Minti goma ne, kuma ni na san kuɗin rashin yin sa. Kai ma ka riƙa kallon yankan ƙasan da ke allo yayin tafiya. In wurin shimfiɗaɗɗe ne amma gefuna biyu suna ɗagawa tare ko suna faɗuwa tare, tsaya ka auna nan take, kada ka ce sai an gama layin.

Lura da kalmar "tare", domin nan ne ake rikita cuta biyu. In gefe ɗaya ya ɗaga, ɗayan ya faɗi, ba gudun sauti ba ne, kan na'urar ne, wato ɓangaren da ke cikin ruwa yana harba sautin, ya ɗan karkace a ɗaurinsa. Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma lalaci ne tsantsa. Mutum ya kwance kan na'ura ya mayar, ya ce ai a wurinsa na da ya zauna, ba sai an sake gwaji ba. Wa ya gaya maka? Karkacewar digiri ɗaya ido ba ya ganinta. Amma a zurfin mita 50, harshen da ya fita a digiri 60 yana sauka mita 87 daga ƙarƙashin jirgi, kuma a can digiri ɗayan nan ya zama kuskuren mita ɗaya da rabi. Gwajin ba wuya: nemi ƙasa shimfiɗaɗɗiya, bi layi ɗaya ka je, ka juyo ka bi shi ka dawo, ka ɗora hotunan biyu. In sun gitta juna kamar almakashi, rabin kusurwar da ke tsakaninsu shi ne karkacewar. Ni ko ƙusa ɗaya aka taɓa a maɗaurin, sai na sake.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Na'ura tana aunawa ne daga inda kan nata yake, ba daga saman ruwa ba, don haka ka ƙara nisan nutsewarsa, ka kuma tuna yana canjawa in mai ya ragu a tanki ko jirgi ya ƙara gudu. Zurfin da ba a rubuta lokacinsa ba banza ne, domin sai an cire cikar teku kafin a kwatanta awon safe da na yamma. In ka ga ƙasa ta biyu a ninkin zurfin ta farko, sauti ne ya koma ya sake dawowa, kada ka zana ta. Inda akwai laka mai laushi, siririn sauti na kilohaz 200 zai tsaya a samanta, mai kauri na kilohaz 33 ya ratsa zuwa ƙasa mai tauri, don haka ka rubuta wanda ka yi aiki da shi.

Da na'ura mai harshe ɗaya a ruwa marar zurfi, har yau ban daina gwajin farantin ƙarfe ba. Ina zura shi da sarƙa mai alamomi ƙarƙashin kan na'urar, mita 2, mita 5, mita 10. In kuskuren iri ɗaya ne a kowane mataki, nisan nutsewa ne ba daidai ba. In yana girma da zurfi, gudun sauti ne. Kafin in tashi aiki kuma ina yanka layi ɗaya a gicciye bisa duk layukan yini, in duba kowace mahaɗa tun jirgi bai koma gaɓa ba.